Gidan da ke saida sabulu da gero, yana kuma fidda kaya waje: TVA nawa zai cire?

Ƴar Mokoyo

Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Ga lissafin wani gidan sari na nan Maraɗi, ina so a warware mini shi. Kaya iri biyu gare su, amma saidawa uku. A shekara sun saida sabulu na miliyan 120 HT, wato kafin a ɗora TVA, a cikin gida, da TVA kashi 19 a kai. Sun fidda sabulu na miliyan 30 zuwa Najeriya ta Ɗan Isa, babu TVA a faktir. Sun kuma saida gero da masara na miliyan 50, shi ma babu TVA. Mai gidan ya ce tunda ya biya TVA a kan duk abin da ya saya, a cire masa duka daga abin da zai kai lampo. Ni kuma na san hatsi yana hana wani abu, amma ban san ko nawa ba, kuma ban san ko kayan da aka fidda waje su ma suna hanawa ba, tunda su ma faktir ɗinsu sifiri ne.

Ɗan Tibiri

Wa alaikumus salam. Abu mai sauƙi ne ƙanwata, purorata za ki yi, wato ki fidda kashin saidawar da ke ba da damar cirewa a cikin jimlar saidawa. Sabulun gida 120, ki raba da jimla 200, ya ba ki kashi 60. Ki tara duk TVA ɗin da gidan ya biya wajen saye, ki ɗauki kashi 60, sauran ya tafi. Abin da ba a karɓi TVA a kansa ba, ba ya ba da damar cirewa.

Malam Kwantabul

Ɗan Tibiri ka kama hanya, amma ka ɓata wuri biyu, kuma kowane ɗaya miliyoyi ne. Bari mu fara da na farko.

Faktir biyu ne babu TVA a kansu, amma ba matsayi ɗaya suke ba. Gero yafaffe ne. Doka ta ce kada a ɗora wa mai ci haraji, sai dai ta kuma ce wanda ya saida shi ba zai karɓo TVA ɗin da ya biya domin wannan saidawar ba. Buhun da ya saya ya zuba geron, TVA ɗin buhun ya zauna a kansa, ya zama cikin kuɗin kaya. Shi kuwa sabulun da ya ƙetare iyaka, ana ɗaukarsa kamar kayan da aka yi wa haraji a kan sifiri. Dalili shi ne TVA harajin ƙasar da aka ci kaya ne. Wanda zai yi wanka da sabulun yana Katsina ko Kano, can ne za a caje shi. Don haka Nijar ba ta karɓar komai a kan saidawar, kuma tana barin mai fiddawa ya ciro duk TVA ɗin da ya biya a baya, don kayan su fita ba tare da harajin nan a maƙale a farashinsu ba. Wannan tsarin duk ƙasashen UEMOA ne, tun daga umurnin da ƙungiyar ta fitar a 1998.

Saboda haka miliyan 30 ɗin nan sama suke hawa, wajen 120:

```
(120 + 30) / (120 + 30 + 50) = 150 / 200 = 75%
```

Kashi 75 ke nan, ba 60 ba. Ɗiyata, turo mana abin da gidan ya saya, a rarrabe, sannan in zo kan wuri na biyu.

Ƴar Mokoyo

To Baba. Sabulun da suka saro na miliyan 130 ne HT, TVA a kai 24.700.000. Buhunan hatsi na miliyan 4, TVA 760.000. Sai hayar magaza, wuta, talho da kuɗin ofishin lissafi, duka miliyan 12, TVA 2.280.000. Hatsin kansa daga kasuwannin ƙauye aka saro shi, babu TVA. Magazar guda ce, sabulu gefe, hatsi gefe.

Malam Kwantabul

Madalla. Wuri na biyu shi ne purorata ba a kan komai ake ɗora shi ba. Kafin ki taɓa shi, ki raba faktir ɗin saye gida uku, kina tambayar kowace faktir: wannan abin wace saidawa ya yi wa aiki?

Sabulun da aka saro, ko a nan aka saida shi ko a Najeriya, duk saidawa ce mai ba da damar cirewa. Saboda haka 24.700.000 ɗin nan a cire shi baki ɗaya, ba a rage ko dala. Buhuna hatsi kaɗai suka yi wa aiki, 760.000 ɗinsu ba a cire komai. Sai gida na uku, haya da wuta da talho da lissafi, waɗanda ba mai iya cewa ga rabon sabulu ga rabon gero. Su kaɗai purorata ya shafa. Kashi 75 na 2.280.000 shi ne 1.710.000. Ragowar 570.000 ya koma cikin kuɗin da gidan ya kashe.

Abin da za a cire ke nan 24.700.000 da 1.710.000, jimla 26.410.000. Abin da gidan ya karɓa daga masu sayen sabulu a cikin gida kuwa kashi 19 na miliyan 120 ne, wato 22.800.000. Kin ga abin cirewa ya fi abin da aka karɓa da 3.610.000. Gidan ba shi da abin biya a jimlar shekarar, shi ke bin lampo kiredi. Kuma ba abin mamaki ba ne, haka lissafin mai fidda kaya yakan fito, tunda ya biya TVA a kan sabulun da bai karɓi TVA a kansa ba.

Yanzu ki duba hanyar mai gidan. Shi yana so a cire 27.740.000 duka. Bambancinsa da gaskiya 1.330.000 ne, TVA ɗin buhuna da rubu'in na haya da wuta. Ranar kwantarol za a dawo da shi, da tara a kai. Hanyar Ɗan Tibiri kuma ba lampo za ta cuta ba, gidan za ta cuta. Ko da kashi 75 ɗin aka ɗora a kan komai, abin cirewa zai tsaya a 20.805.000, gidan ya yi asarar fiye da miliyan biyar da rabi da doka ta ba shi. Kuma mai kwantarol ba dole ne ya zo ya ce maka ka biya fiye da kima ba.

Ɗan Tibiri

Malam na yarda da na fiddawa waje. Amma wannan rabawa gida uku, a takarda ce take da sauƙi. Gidajen sari nawa ne a babbar kasuwa suke da lissafin da zai nuna cewa wannan faktir ɗin ta gero ce kaɗai? Idan ba a iya nunawa ba, ai mai bincike purorata zai ɗora a kan komai, mu koma inda na ce.

Malam Kwantabul

Wannan gaskiya ce, kuma shi ya sa rabawar ake yin ta ranar da faktir ta shigo, ba ƙarshen shekara ba. Sabulu ba shi da gardama, sunan kayan yana kan faktir. Inda ake rigima shi ne irin faktir ɗin mai mota da aka rubuta wa "jigilar kaya" kawai. In lodin gero ne daga Tasawa, ba a cire komai. In sabulu ne daga Yamai, a cire duka. In ba a rubuta ba, ba ka da hujja ko ta wane gefe. A sa mai motar ya rubuta irin kayan da hanyar, a manna takardar lodi a bayan faktir. Aikin minti biyu ne.

Alhaji Mai Kanti

Ni hwa ban gane wanga dogon lissahi ba. Mu lampo sau guda muke biya a shekara, an yanka muna kuɗɗi, mu kai, a ba mu takarda. Ina ruwanmu da gero ko sabulu? Ku ce ma yarinyar ta tahi ta biya patanti ta huta.

Ƴar Mokoyo

Alhaji ranka ya daɗe, naku harajin dunƙule ne na ƙananan ƴan kasuwa. Wannan gidan yana tsarin lissafi na ainihi, kowane wata sai ya kai deklarasiyo kafin 15 ga watan da ke biye.

Malam Kwantabul

Maganar Alhaji ta tuna mini abu mai amfani ga lissafinki. Wanda ke kan harajin dunƙule ba ya cajin TVA, ba ya kuma cirewa. In gidan ya sayi buhuna ko ya kama haya wajen irin su Alhaji, babu TVA a ciki da za a ciro, ko da wani ya rubuta kashi 19 da biro a ƙasan takardar. Ki duba 2.280.000 ɗin nan faktir bayan faktir. Kowace ta zama da sunan gidan da NIF ɗinsa, wato lambarsa ta lampo, da NIF na mai saidawa, TVA a rubuce daban da HT, kuma ta zama faktir mai lambar QR da ta fito daga SECeF, tsarin fidda faktir na lampo. Na wuta musamman: sau da yawa kwantar tana da sunan mai ginin ko sunan wani da ya daɗe da tashi. In sunan ba na gidan ba ne, TVA ɗin ba ya shiga ko cikin gida na uku, balle a yi masa kashi 75.

Na Ɗan Isa

Ku bar ni in shigo ta wajen duwan, don nan ne miliyan 30 ɗin can za su tsaya ko su faɗi.

Sifirin nan ba a samun sa da baki. Ba don mai saye ɗan Najeriya ba ne, ba don ya biya da naira ba, ba don ya ce Jibiya za shi ba. In Bakatsine ya zo magaza ya sayi katan ɗari biyar ya loda a motarsa ya tafi, ba tare da an yi deklarasiyon fita da sunan gidan ba, a idon lampo saidawar cikin gida ce, TVA kashi 19 ya hau kanta. Abin da ke tsayar da ita a matsayin fiddawa waje shi ne deklarasiyon fita da aka yi a duwan, sunan gidan a matsayin mai fiddawa, da shaidar cewa kayan sun fita da gaske. A haɗa da faktir, da takardar mota, da hujjar shigowar kuɗi. Kuma adadin ya yi daidai: in faktir ta ce katan 500, takardar duwan ta ce 300, to 200 ɗin ba su fita ba ke nan.

Wannan ita ce matsalar da ta fi yawa a kan wannan hanyar, saboda mutane sun saba rage adadi a duwan don su rage abin biya, sannan su zo wajen lampo suna son a yarda da cikakken adadi. Takarda ɗaya ba ta yin aiki biyu.

Abu na biyu, kada a haɗa fiddawa da turanzi. Kayan da suka taso daga tashar jirgin ruwa suka ratsa ƙasa ƙarƙashin duwan suka wuce Najeriya, ba su taɓa shiga kasuwar nan ba, ba a biya musu TVA a shigowa ba. Sabulun da ƴar'uwa take magana an saye shi da TVA, shi ya sa akwai abin ciro.

Ƴar Mokoyo

Yaya na gode. In aka ƙi yarda da takardun fitar, purorata zai sauko zuwa 60 ke nan?

Malam Kwantabul

A'a, nan mutane da yawa ke ruɗewa. In aka ƙi takardun, saidawar ba ta zama yafaffiya ba, ta zama ta cikin gida mai haraji. Tana nan sama, purorata yana nan 75. Abin da ya canza shi ne yanzu ana bin gidan TVA a kan miliyan 30, wato 5.700.000, kuɗin da bai karɓa hannun mai saye ba kuma ba zai same shi ba. Kiredin 3.610.000 ya ɓace, gidan ya koma ana binsa 2.090.000, ban da tara. Don haka kafin ki rubuta 30 a layin fiddawa waje, ki ga takardun duwan da idonki, ki tara adadinsu da kanki.

Ɗan Tibiri

Wata tambaya. Jimlar da ake rabawa da ita, HT ce ko TTC? Littafin kasuwa da yawa abin da aka karɓa hannu ake rubutawa, TVA a ciki.

Malam Kwantabul

HT, sama da ƙasa. In ka sa TTC, 120 ya zama 142,8, amma fiddawa da hatsi ba su motsa ba tunda babu TVA a kansu. Sai purorata ya hau zuwa kusan kashi 77 da rabi, ka ciri abin da ba naka ba. A kan haya da wuta bambancin bai kai jaka sittin ba, amma shekarar da aka sayi mota zai yi nauyi. Haka kuma in gidan ya saida tsohuwar motarsa ko wani injin aiki, kuɗin ba ya shiga purorata ko sama ko ƙasa, don ba shi ne kasuwancin gidan na yau da kullum ba.

Hajiya Mai Riɗi

Sannunku da aiki. Ni tambayata daban ce amma kusa take. In abin da aka hidda waje ba sabulu ba ne, riɗi ne, wanda ko nan gida babu TVA kansa? An saro shi Gazawa, an gyara, an zuba buhu, an loda, an yi takardun duwan tsab. TVA na buhu da na gyara da na mota, ana ciro shi ko ba a cirowa? Kwantabul biyu na tambaya, amsa biyu suka ba ni.

Na Ɗan Isa

Hajiya a ganina ana cirowa. Fita fita ce. Manufar ita ce kaya su bar ƙasa babu harajin gida a jikinsu, ko riɗi ne ko sabulu. In aka hana, riɗin Nijar zai isa kasuwar waje da TVA ɗin buhu a farashinsa.

Malam Kwantabul

Hujjarka tana da ƙarfi ta wajen manufa, amma ni ina taka-tsantsan a nan. Akwai dokokin ƙasashe masu tsari irin namu da suke cewa abin da ke hawa sama shi ne fidda kayan da dama suna da haraji in a gida aka saida su. A wannan karatun, riɗin da yake yafaffe a gida ba ya samun damar cirewa don kawai ya ƙetare iyaka. Masu karatu irin naka kuma suna cewa fiddawar ita ce ke ba da damar, ba irin kayan ba. Bambancin ba ƙarami ba ne. A lissafin ɗiyar nan, da miliyan 30 ɗin riɗi ne, karatu ɗaya zai ba da 75, ɗayan 60, kuma buhunan riɗin su tashi daga a cire duka zuwa kada a cire komai.

Hajiya, shawarata kada ki tsaya kan bakin kowa, har ni. A rubuta wasiƙa zuwa ofishin lampo na jiha, a faɗi irin kayan, a faɗi yadda ake fidda su, a nemi amsa a rubuce. Ita ce za ki nuna ranar kwantarol.

Hajiya Mai Riɗi

To kahin amsar ta zo hwa, Malam? Wata ba ya jira.

Na Ɗan Isa

Ki cire, Hajiya, kuɗinki ne.

Malam Kwantabul

Ni da zan ce ta ware TVA ɗin a lissafi daban kada ta cire tukuna, in dai amsar ba za ta daɗe ba. Abin da ba a cire ba a wannan wata ana iya cire shi daga baya cikin wa'adin da doka ta bayar, amma abin da aka cire ba daidai ba tara yake jawowa. Sai dai in kuɗin yana da yawa har yana riƙe mata jari, to wannan shawara ce da ita da kwantabul ɗinta za su auna.

Ƴar Mokoyo

Baba akwai abin da har yanzu ya tsaya mini. Kashi 75 ɗin nan sai shekara ta ƙare aka san shi. To a watan Janairu ko Maris, da wane kashi zan yi deklarasiyo? Ko kowane wata zan fidda nasa?

Malam Kwantabul

Kada ki fidda na wata-wata. Gidan hatsi saidawarsa ba ta tafiya daidai: bayan kaka ana saye ana tarawa, sai bazara da damina ake fitarwa. In kika bi wata, za ki ga 95 a Nuwamba, 40 a Yuli, alhali magazar hayarta ɗaya. Ana aiki da kashin bara a matsayin na wucin gadi duk shekara. In shekara ta rufe, a fidda na gaskiya, a gyara bambancin a deklarasiyon farkon shekarar da ta biyo. Sabon gida da ba shi da bara, da hasashen saidawarsa yake farawa.

Ga yadda yake faruwa. A ce bana hatsi ya yi tsada, saidawarsa ta tashi daga 50 zuwa 100, sabulu bai motsa ba. Sama 150, ƙasa 250, kashi 60. Duk shekara kin yi ta cire 75. In TVA ɗin haya da wuta bai canza ba, kin cire 1.710.000 alhali haƙƙin gidan 1.368.000 ne. Za a mayar da 342.000. Ki lura, ko buhu ɗaya ba a ƙara ba mai yiwuwa, farashi ne kawai ya hau, amma purorata da kuɗi yake aiki ba da yawan buhu ba. In kuma akasin haka ya faru, hatsi ya faɗi, gidan ne zai ƙara cirewa.

Inda yake ciwo shi ne shekarar da aka sayi babban abu. A ce a cikin wannan shekarar gidan ya sayi kamyo na miliyan 40 HT, TVA 7.600.000, yana ɗaukar sabulu yana ɗaukar gero. Watan saye kin cire kashi 75, wato 5.700.000. Ƙarshen shekara haƙƙin ya koma 4.560.000. Sai an mayar da 1.140.000 a lokaci guda, a daidai lokacin da mai gida ya zuba kuɗinsa duka a hatsi. Don haka in kika ga tun tsakiyar shekara hatsi yana hawa, ki yi lissafin gwaji ki faɗa masa ya ware kuɗin.

A littafi kuma, abin da za a cire na mota yana shiga asusu mai lamba 4451, na kayan sari 4452, na haya da irinsu 4454. Abin da ba a cire ba kada ya kwana a 445 yana jiran ranar da ba za ta zo ba. Na mota ya hau kan kuɗin motar a 245: miliyan 40 da 3.040.000, ya zama 43.040.000, a kansa ake lissafin tsufar mota. Na haya ya koma cikin kuɗin haya. Kiredin da ya rage a ƙarshen wata yana 4449.

Ɗan Tibiri

Malam in motar hawan mai gida ce fa, ba kamyo ba? Ita ma 75?

Malam Kwantabul

Ita ko ɗaya. Motar hawa tana cikin abubuwan da aka hana cire TVA ɗinsu tun asali, ko da gidan sabulu kaɗai yake saidawa. Purorata ba ya buɗe ƙofar da doka ta rufe, abin da dama ake iya cirewa ne yake ragewa. Kuma shi kamyon, ba a gama da shi a shekarar saye ba. Kayan aiki masu daɗewa ana bin su shekaru a gaba: in kashin ya yi babban motsi, ko aka mayar da motar ta koma jigilar hatsi kaɗai, ana iya neman a mayar da wani ɓangare.

Na Ɗan Isa

Ƙari ɗaya ga ƴar'uwa, in wani daga cikin sabulun shigo da shi aka yi. Kada ki ɗauki jimlar da ke ƙasan takardar duwan ki ce TVA ce. Layuka ne daban-daban. Harajin shigowa da kuɗin ƙididdiga da sauran ƙananan caji duk cikin kuɗin kaya suke shiga. Abin da aka riƙe na ISB kuma kafin-alƙalami ne na harajin riba, wani asusu ne dabam. Layin da aka rubuta TVA shi kaɗai za ki ɗauka, kuma sai in sunan gidan ne a kan deklarasiyon, da rasit ɗin biya. In da sunan wani aka fiddo kayan, kamar yadda ake yi in an haɗa lodi mutum uku a mota ɗaya, mai sunan ne kaɗai ke da damar cirewa.

Alhaji Mai Kanti

To wanga kiredi na miliyan uku da wani abu, lampo za su ba shi kuɗɗinshi a hannu?

Malam Kwantabul

Hanya biyu ce Alhaji. Ko a tura shi gaba, wata bayan wata, ana rage shi daga abin da za a biya, ko mai fidda kaya ya nemi a mayar masa. Neman mayarwa bincike yake jawowa, za a buɗe kowace faktir da kowace takardar duwan. Ga gida irin wannan da sabulun cikin gida ya fi yawa, turawa gaba yakan wadatar in akwai watannin da ake biya. Amma in lissafin kowace shekara kiredi yake bari, to zai yi ta taruwa ne, turawa ba za ta cinye shi ba, dole wata rana a nema.

Ɗan Tibiri

Ni har yanzu ina ganin da gidan ya raba magazar biyu, ta hatsi daban da kwantarta da hayarta, da ya huta da purorata gaba ɗaya.

Malam Kwantabul

Zai rage gida na uku, ba zai share shi ba, don talho da lissafi da kamyo suna nan. Kuma ba kullum yake riba ba. Yanzu yana cire kashi 75 na hayar duka. In hatsi ya ci rabin magazar, rabawa za ta sa ya cire kashi 50 kawai, tunda hayar ɓangaren hatsi ba a cire komai a kanta. In kuwa hatsin ɗan lungu ya ci, rabawa ta fi. Sai an auna wurin.

Ƴar Mokoyo

Na duba takardun duwan yanzu. Deklarasiyo huɗu ne da sunan gidan, jimlarsu miliyan 24. Sauran miliyan 6 faktir biyu ne na wani mai saye da ya loda da kansa, babu takardar fita ko ɗaya. Yaya Na Ɗan Isa, ana iya samo shaidar fitarsu daga baya, ko in ɗora musu 1.140.000 ɗin tun yanzu?

Na Ɗan Isa

In bai yi deklarasiyo ba ranar da ya wuce, babu abin da za a samo, duwan ba ta shaida kayan da ba ta gani ba. In ya yi da sunansa, ki nemi kwafi ki gani, amma ban tabbatar miki lampo za su karɓe ta a madadin ta gidan ba. Ki fara kiransa ki ji ko ta Ɗan Isa ya bi ma.